Saukar Alƙur'ani a fili cikin Agusta: in ruwa ya sauko, ko wuta ta ɗauke, ko babban baƙo ya makara fa?

Sakataren Kwamiti: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Islamiyyarmu a nan Kano za ta yi saukar ɗalibai 42 ranar Asabar ta uku a watan Agusta, a filin makaranta. Mun raba kati, muna sa ran mutum kamar 400. Ba mu da kuɗin kama zauren taro, kuma ba za mu iya ɗagawa zuwa bayan damina ba, domin yanzu ne yaran suke hutun boko, wasunsu ma makarantar kwana za su koma. Abin da muka tanada shi ne rumfa takwas, kujeru 350, janareta ɗaya mai 3.5 kVA, da kayan sauti na haya. Tsarin da muka rubuta: farawa ƙarfe 2 bayan Azahar, jawabin babban baƙo ƙarfe 3, karatun yara da raba shahada bayan La'asar. Abubuwa uku ne suka hana ni barci: ruwa, wuta, da kuma malamin da zai yi jawabi, don daga wani gari zai taso. Wanda ya saba harkar ya taimaka mana.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Ai maganin abin mai sauƙi ne, ku mayar da taron safe. Ruwan Kano na yamma ne da dare. Ku fara ƙarfe 9, kafin Azahar kun watse, shi ke nan babu ruwanku da hadari.

Mai Sauti: Baban Khalifa ya kama rabin gaskiya. Hadarin nan mai iska da tsawa ya fi haɗowa da yamma, bayan rana ta gasa ƙasa, don haka safe ta fi. Amma Agusta watan marka ne. Akwai ranar da za a tashi da ruwa tun Asuba yana zuba a hankali har rana ta yi tsaka. Saboda haka komawa safe rage haɗari ne kawai, dole a yi sauran shirin.

Ni sana'ata ke nan, kafa kayan sauti a wuraren biki da wa'azi. Malam Sakatare, abin da ya fi damuna a bayaninka shi ne jerin shirin, ya fi janaretan damuna. Abin da ya tara mutum 400 a filin nan shi ne yaran su yi karatu a gaban iyayensu a miƙa musu shahada. Kun ajiye shi a ƙarshe, bayan La'asar, daidai lokacin da hadari ya fi son zuwa, kuma kun sa shi bayan jawabin mutumin da ba ku da iko da lokacin isowarsa. Idan ya makara da awa ɗaya, ya tura yaran cikin ruwa ko cikin Magariba, wadda a Agusta wajen bakwai saura kwata take yi. Ku juya shi. Buɗewa da addu'a, maraba ta minti biyar, sai yara kai tsaye. Jawabai su biyo baya. In an yi haka, ko me ya faru daga baya, sauka dai an yi ta.

Sakataren Kwamiti: Na fahimta. To amma shi malamin ne muka ce zai miƙa wa yaran shahada da hannunsa. An ma buga haka a kati.

Malamin Hadda: Nan fa akwai magana. Malam Mai Sauti, Allah ya saka da alheri, amma ba a gayyato babban malami daga nesa sannan ya iso ya tarar an gama abin da aka kira shi dominsa. Mu nan za a ce an yi masa rashin ladabi, kuma iyayen yaran da kansu albarkar hannunsa suke so. Ni a ganina a jira shi.

Mai Sauti: Allah gafarta Malam, ban ce a wulaƙanta shi ba. A raba abin gida biyu. Karatun yara ba ya buƙatar hannun kowa, a fara da shi. Yara 42, in kowa zai yi minti ɗaya da rabi, sama da awa ɗaya ke nan, ban da lokacin tasowa da komawa. Wannan kaɗai ya ba baƙo sarari mai yawa. Raba shahada shi ne za a riƙe masa, amma da iyaka. A ce in yaro na ƙarshe ya gama karatu bai iso ba, a saka abu ɗaya na minti ashirin, kamar jawabin shugaban makaranta. In wannan ya ƙare bai iso ba, wakili ya miƙa shahada, shi kuma idan ya zo ya yi jawabinsa, ya yi wa yaran addu'a, a ɗauki hoto da shi. Kuma a faɗa masa wannan tsari tun yanzu, a nemi shi da kansa ya amince da wanda zai wakilce shi. Abin da aka sanar da babba tun da wuri ba ya zama rashin kunya.

Malamin Hadda: In shi ya zaɓi wakilin, da sauƙi. Amma minti ashirin ɗin nan ta yi mini kaɗan. Zan so a ce minti arba'in.

Maman Ilham: Ku bari in faɗa muku abin da na gani a saukar 'yata. Mun zauna tun ƙarfe biyu muna jiran babban baƙo. Duk wanda aka tambaya sai ya ce yana hanya. Mai gabatarwa ya rasa abin yi, sai ya riƙa kiran mutane ɗaya bayan ɗaya su zo su ce wani abu, wanda aka ba minti uku sai ya ci sha biyar. Ƙananan yara suka fara kuka, waɗanda za su yi karatu suna zaune cikin sababbin kaya gumi ya jiƙa su. Ya iso bayan La'asar, yana cikin jawabi iska ta taso. Yara goma sha ne kawai suka samu yin karatu, tawa ba ta ciki. Ta yi wata guda tana maimaita shafinta, ta dawo gida ta ƙi cin abinci. Don Allah Malam, a duba yaran.

Ɗan Agaji: Hajiya ta taɓo inda ake samun matsala, wato kalmar ina hanya. Mu abin da muke yi, muna tura mutum ɗaya gidan baƙon ko masaukinsa tun da wuri, ya shiga mota tare da su. In hakan ba zai yiwu ba, a karɓi lambar direba. Shi direba ba a tambayarsa ko sun kusa, sai dai a ce yanzu kun wuce ina. In daga Zariya suke ya ce muna Kwanar Dangora, ka san da saura sosai, ga cunkoson shigowa gari a gaba. In ya ce mun wuce Kura, sai ka fara shirin tarba. Mutum ɗaya ne zai riƙa wannan kira, ya rubuta wa mai gabatarwa a takarda. Kada mai gabatarwa ya riƙa sanar da jama'a cewa nan da minti biyar zai iso, don in ya faɗa sau biyu bai tabbata ba, ba wanda zai ƙara sauraron sanarwarsa, har wadda za ta zo lokacin ruwa.

Baban Khalifa: Maganar wuta kuwa ba matsala, 3.5 ai wat 3,500 ke nan. Zai ja komai har da firiza ta sanyaya lemo.

Mai Sauti: A'a Yaya, nan ne ake ƙona kaya. Abin da aka rubuta da kVA sai ka ninka shi da 0.8 kafin ka samu wat na aiki. 3.5 sau 0.8 ya ba ka 2,800. Kuma sau da yawa babbar lambar da ke jikin tanki ita ce iyakar da zai iya ɗauka na ɗan lokaci, ka duba ƙaramin rubutun da ke gefe za ka ga ta aikin yau da kullum ta fi ƙasa. Ni ba na ɗora wa janareta fiye da kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsa, wato wajen 2,100 a nan.

Mu lissafa taron Malam Sakatare. Amfilifaya a ba ta 900. Miksa da na'urar makirfo marar waya, 100. Fanka ta tsaye shida, kowace 120, ya zama 720. Ƙwan lantarki goma masu wat 20, 200. Jimla 1,920. Ka ga saura bai kai 200 ba. Firiza idan injinta zai tashi yana fizgar ninki uku ko fiye na abin da take ci, kuma tana tashi tana tsayawa duk tsawon taro, kowane tashi sai ka ji shi a lasifika. Wadda ta fi kashe mu ita ce butar lantarki ko hita: wani ya je bayan rumfa ya jona don a yi wa manyan baƙi shayi, wat 1,500 zuwa 2,000 lokaci guda. Alamar an yi masa nauyi ba ta ɓuya. Za ka ji muryar injin ta faɗa yana gurnani, fanka ta rage gudu, ƙwai ya dushe, sauti ya fara kakkaryewa in mai magana ya ɗaga murya. Da ka ji haka fara cire fankoki, kada ka jira ya mutu. Lemo kuwa a sayi ƙanƙara a zuba a kula.

Sakataren Kwamiti: Mu tunaninmu shi ne mu fara da wutar gari, in an ɗauke sai mu tayar da janareta, don a rage kuɗin mai.

Mai Sauti: Kada ku yi. Ku ɗauka babu wutar gari ranar, ku hau janareta tun daga farko. Ɗaukewar wuta a tsakiyar karatun yaro ta fi kuɗin mai tsada, kuma dawowarta da ƙarfi na iya cinye amfilifaya. Irin wannan janareta da nauyin da muka lissafa yana shan lita ɗaya da ɗan wani abu a awa. Taron awa huɗu, lita shida ta isa, ku sayi goma. A cika tanki kafin a fara, a duba baƙin mai, a tayar da shi ana gobe a jona masa duk kayan ya yi rabin awa. Janaretan da ya tashi fanko ba a gwada shi ba. Kada a zuba fetur yana aiki ko yana da zafi, a kashe shi ya huce. In dole sai an ƙara, lokacin sallar La'asar ne damarku. Idan kuma za a kashe ko a kunna, amfilifaya ce ta farkon kashewa kuma ta ƙarshen kunnawa, in ba haka ba wannan ƙara da ake ji tana fasa lasifika.

Madadin janareta kuma, in ba ku da na biyu, shi ne lasifikar nan mai batir da ake ja kamar akwati. A cika mata caji, a ajiye ta a kunne kusa da mai gabatarwa da makirfonta. Ba za ta kai bayan fili ba, amma yaro zai ci gaba da karatu, kuma da ita za a yi wa mutane magana bayan an kashe komai.

Ƙanin Ango: Ni a bikin yayana wurin taro muka kama mai AC, ba ruwanmu da duk wannan. Ku kama irinsa kawai, ko ku bari sai Nuwamba.

Ɗan Agaji: Ɗan'uwa, ka koma saƙon farko, ya ce babu kuɗin zaure kuma ba za a iya ɗagawa ba.

Hajiya Mai Abinci: Ni dai ina ganin a dage da addu'a, Allah ya riƙe ruwan sai an tashi. Taron Alƙur'ani ne.

Malamin Hadda: Addu'a dole ce Hajiya, za mu yi. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Kuma manoma a daidai wannan lokaci ruwan suke roƙo. Mu yi namu shirin.

Sakataren Kwamiti: To batun ruwan. Ni na ɗauka rumfa takwas ta wadatar, kowa ya matso ciki a ci gaba.

Ɗan Agaji: Ga yayyafi ko ruwan marka marar iska, eh, za ta yi, in dai an ja tamfol ya miƙe. In ya yi ciki ruwa zai taru a tsakiya har ya lanƙwasa ƙarfe, sai a sa mutum da doguwar sanda mai tsumma a kai yana tura shi ta gefen da ba kowa. Amma hadarin gabas wani abu ne daban. Kafin ɗigon farko iska ce ke zuwa, mai sanyi da ƙura, kuma ita ce ke ɗaga rumfa. Na ga rumfa ta tashi da ƙafafunta ta kife kan kujeru. Saboda haka kowace kusurwa a ɗaure ta da igiya a turke, ko a buhun yashi in ƙasar siminti ce. In iska ta riga ta iso, kada samari su ce za su rungume ƙarafa su riƙe, a bar ta a fitar da mutane.

Sannan rumfar ƙarfe a tsakiyar fili ba mafaka ba ce daga tsawa, haka gindin bishiya. Mafaka ita ce gini mai rufi da bango, ko cikin mota a rufe. In ka ga walƙiya ka fara ƙirga daƙiƙa har ka ji tsawa. Kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce. In ba ka kai talatin ba, hadarin na cikin kilomita goma, lokacin tashi ya yi. Kuma ba a komawa fili sai an yi minti talatin ba a ji tsawa ba. Malam Sakatare, azuzuwa nawa ke gare ku, kuma ina masallaci?

Sakataren Kwamiti: Azuzuwa huɗu a ƙasa, kowane kamar mita bakwai da takwas. Masallacin unguwa na kallon ƙofarmu, zai ɗauki mutum ɗari da wani abu. Ƙofar fili ɗaya ce babba, sai ƙarama ta baya da muke kullewa.

Ɗan Agaji: To ga lissafi. In an fitar da benci an shimfiɗa tabarma, aji ɗaya zai ɗauki mutum kamar sittin a zaune. Huɗu, 240. Masallaci a ce 120. Ka ga 360, bai kai 400 ba, kuma wannan sai in an kwashe bencin ana gobe. In aka bar su ciki, da ƙyar a samu rabin haka. Sauran su shiga ofis da motoci. A raba tun yanzu: aji na farko ɗalibai masu sauka da malamansu, biyu da uku da huɗu mata da ƙananan yara da tsofaffi, maza su tsallaka masallaci. A manna takarda a kowace ƙofa. Makullan duka, har na ƙofar baya, su kasance a aljihun mutum ɗaya da ba zai bar wurin ba, gara ma a buɗe su tun kafin a fara. A nemi izinin limamin masallaci tun wannan mako.

Matakan kuma biyu ne. Na farko, gabas ta yi baƙi amma ba tsawa: mai gabatarwa ya tsallake duk wani jawabi ya tafi kan abin da ya rage na yara, 'yan agaji su fara kai tsofaffi ciki a hankali. Na biyu, an ji tsawa kusa ko iskar nan mai sanyi ta buso: a tsaya ko da tsakiyar jawabin wa ake, a shiga. Daga iska zuwa ruwa wani lokaci ko minti goma ba a samu. Abin da ya fi komai, a sa sunan mutum ɗaya wanda in ya ce a tashi an tashi. In aka bar wa kwamiti, ana cikin shawara ruwa zai sauko.

Mai Sauti: Ƙari a kan wannan ta ɓangarena. Da ya ce a tashi, ni zan kashe amfilifaya, yarona ya kashe janareta, mu lulluɓe kaya da leda, sanarwa ta koma kan mai batir. Tun wajen kafawa, duk mahaɗar waya a ɗaga ta daga ƙasa, a ɗaure jikin kujera ko a ɗora kan bulo a rufe, don ruwa in ya kwanta a fili mutane ba takalmi suke gudu a ciki. Kuma don Allah kada wani ya ce a shigar da janareta aji ko baranda saboda kada ya jiƙe. Hayaƙinsa na kisa, kuma gubar da ke ciki ba ta da wari. Ya zauna waje, nesa da tagogi, a yi masa 'yar rumfar kwano buɗaɗɗiya.

Malamin Hadda: Kada a manta da alluna. Zayyanar allon sauka tawada ce, ɗigo kaɗan ya isa ya ɓata aikin mako guda. Su da shahadu da Alƙur'anan kyauta su zauna a aji na farko cikin akwati, a riƙa fito da su goma-goma. In ruwa ya kore mu, a ƙarasa karatun a wannan ajin da lasifika mai batir, iyayen wanda zai karanta su shigo su fita bi da bi.

Hajiya Mai Abinci: To ni ma a ba ni wuri. In an zuba abinci a robobi masu murfi tun a gida, an sa a manyan ledoji hamsin-hamsin, ko ina aka koma za a iya rabawa. Amma in kuka ce a zo da tukwane a zuba a fili, ruwa na sauka an yi asara. Ina so a ba ni ofishin shugaban makaranta in ajiye.

Sakataren Kwamiti: An ba ki, Hajiya. Zan kai wa kwamiti gobe: a koma ƙarfe 10 na safe in iyaye sun yarda a sake sanarwa, yara su fara, janareta tun farko, benci a fitar ranar Juma'a. Zan kuma riƙa duba hasashen hukumar kula da yanayi ta NiMet daga ranar Laraba. Wanda zai ce a tashi, ina ganin Ɗan Agaji ko shugaban makaranta.

Baban Khalifa: Shugaban makaranta mana, shi ne babba. Wa zai katse malami yana jawabi in ba shi ba?

Ɗan Agaji: Shugaba zai kasance zaune kusa da baƙi ƙarƙashin rumfa, ba ya ganin gabas, kuma kunya za ta hana shi. Ni zan tsaya waje in duba sama, in na ɗaga masa hannu shi ya karɓi makirfo. Amma sai ya yi alkawari a gaban kwamiti cewa ba zai ce a ƙara minti biyar ba.

Malamin Hadda: Wannan zan yi masa magana da kaina. Batun jiran baƙo kuwa har yanzu ina kan arba'in.

Maman Ilham: Malam, arba'in in sama tana fari. In gabas ta fara haɗowa fa?

Malamin Hadda: In ta haɗo, wakili ya miƙa. In ba ta haɗo ba, a bar mini arba'in ɗina. Sakatare, turo mini lambar wanda ke kula da tafiyar malamin, zan kira shi yau bayan Isha'i kan maganar wakilin.